Kafin a Ce "Nawa Ne?": Gaisuwar Mata a Bakin Ciniki

A kasuwannin mako na ƙasar Hausa, irin ta Dambatta da ke ci ranar Lahadi, ko ta Wudil ranar Juma'a, ko ta Maigatari ranar Alhamis, akwai ɓangaren da yawancin masu zama a cikinsa mata ne. Nan ake samun daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ga kuma Fulani da ƙoren nononsu a gefe. Galibin matan dattawa ne, ko waɗanda mazansu suka rasu, ko zawarawa, domin matar aure mai ƙuruciya a wurare da yawa daga cikin gida take sana'arta, yara su kai mata talla. Wanda ya tsaya a wannan ɓangaren da hantsi zai lura da wani abu: mace za ta zo takanas don ta sari kaya, kuɗinta na ƙulle a bakin zane, idonta ya riga ya ga abin da take so, amma ba za ta taɓa maganar kuɗi ba sai an gama tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Mai gaggawa zai ce ɓata lokaci ne. Ni kuwa a ganina rabin cinikin a nan ake yinsa. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Wata dattijuwa ce daga ƙauye, ita ke yin daddawarta da hannunta, ta kawo kasuwar Dambatta. Ɗayar kuma ta girme ta da kuɗi amma ba ta girme ta da shekaru ba: mai sayar da kayan miya ce a cikin gari, takan zo ta sara ta koma ta sayar ɗai-ɗai. Sun daɗe suna hulɗa, amma makonni uku ke nan mai sarin ba ta zo ba, kuma akwai ragowar kuɗin mai daddawa a hannunta.

Mai sari ta iso, ta rusuna, ta tsuguna a gaban ƙwaryar.

"Salamu alaikum. Yaya, barkanku da kasuwa."

"Wa alaikumus salam. A'a, maraba lale! Ashe kina duniya?"

"Wallahi kuwa, kwana biyu. Kun zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ya kuka baro mutanen gida? Ya Malam?"

"Yana nan lafiya, yana gaishe ku. Ina maigidan? Ina yaran?"

"Duk lafiya lau. Ya amaryarmu? An sauka kuwa?"

"An sauka tun wancan makon, an samu mace."

"Kai, masha Allah! Barka da arziki. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ban ji ba wallahi, da kin gan ni ranar suna."

"Amin, amin. Ai na ce lafiya shiru haka. Ya jikin Inna?"

"To, da sauƙi dai. Shi ya riƙe ni, mun yi kwanaki a asibiti."

"Ayya, sannu. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne."

"Amin, na gode. Ya zafin nan?"

"Lokacinsa ne. Ya kasuwa?"

"Kasuwa da godiya. To Yaya, yau me kika kawo mana?"

Duka wannan bai kai minti biyu ba. Amma duba abin da kowacce ta sani yanzu wanda ba ta sani ba ɗazu. Mai daddawa ta ji dalilin da ya sa kuɗinta suka yi jinkiri, ba tare da ta buɗe baki ta tambaya ba. Mai sari kuma ta ji an yi haihuwa a gidan, wato an kashe kuɗin suna da na kayan jego, saboda haka yau dattijuwar tana bukatar kuɗi a hannu, ba ranar da za a matsa mata da neman bashi mai yawa ba ce. Kowacce ta auna nauyin da ke kan 'yar'uwarta, kuma babu wadda ta ji kunya.

Wanda ya fara gaisuwar ma ba haka kawai ba ne. Mai sari ce ta fara don dalili biyu: ita ce ƙarama, kuma ita ce mai isowa. Wannan ya dace da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya koyar da cewa mai tafiya shi ke yi wa na zaune sallama, a ruwayar Buhari kuma har da ƙarami ya yi wa babba. Kuɗin da ke hannunta bai ɗauke mata wannan ba. Ta tsuguna ne don kada ta yi wa babba magana daga tsaye, ta kuma ce "kun zo lafiya" da "barkanku", ta jam'inta mutum ɗaya don girmamawa. Daga baya, da hira ta yi daɗi, sai ta sauko zuwa "kin" da "kika", domin "Yaya" ta kira ta, ba "Iya" ko "Baba" ba. Da tazarar shekarun ta kai ta uwa da 'ya, da wuya ta saki jam'in nan har su rabu.

Tambayoyin kuma suna da tsari, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu. Ana farawa da jikin wadda ke gabanka: kwana, hanya, gajiya. Sai a shiga gida, a fara da manya a sauko kan yara. Sai abin da ya shafi kowa, wato yanayi. Da zafi a ce "ya zafi?", da hunturu "ya sanyi?", amsar kuma "lokacinsa ne". Da damina a ce "ya ruwa?", a amsa "ruwa ya yi gyara", ko da kuwa jiya ya rushe katanga, don ba a kushe rahama. Tambayar ƙarshe kusan kullum ita ce "ya kasuwa?", kuma ita ce ƙofar. Da zarar an amsa ta, kowa ya san an gama da gida, an iso wurin kaya.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne amsoshin duk masu daɗi ne. "Lafiya lau." "Ba gajiya." "Da godiya." "Sai alheri." Sai ya ce to mene ne amfanin tambayar da an san amsarta? Amfanin yana cikin ɗan bambancin da ake samu a amsar. Tun da kowa ya san yadda cikakkiyar amsa take, da ta ragu kaɗan kunne zai kama. "Lafiya lau" daban, "lafiya dai" daban. "Da sauƙi" na nufin akwai ciwo, "to, da sauƙi dai" da jan numfashi na nufin ciwon ya yi nauyi. In aka ce "mun gode Allah" a inda ake jiran "lafiya lau", mai hankali za ta dakata ta sake tambaya: "Lafiya dai ko?" Sai a zagaye na biyu ko na uku ake faɗin abin da ke akwai. Shi ya sa Bahaushe ke maimaita tambayar lafiya ta fuskoki da yawa: ta farko ta ladabi ce, ta baya ita ke ba mutum damar ya yi magana in yana so, ko ya yi shiru in ba ya so. A misalinmu, mai sari ta ce "duk lafiya lau" da aka tambayi maigida da yara. Sai da dattijuwar ta ambaci Inna da kanta, don ta tuna tsohuwar ba ta jin daɗi tun bara, sannan maganar asibiti ta fito.

Wannan tunawar ita ce jarin gaske a gaisuwar. Kowa zai iya cewa "ya gida?". Amma wadda ta ce "ya amaryarmu, an sauka kuwa?" ta nuna ta riƙe lissafin watannin cikin 'yar wata a ranta, alhali ba danginta ba ce. Ta kuma ce "amaryarmu", ta sa kanta cikin masu 'yar. Da wannan kalma guda ta tunatar da dattijuwar cewa ba yau aka fara ba.

A lura kuma ba a ambaci sunan kowa ba. Malam, maigida, amarya, Inna, mai jego. Wannan alkunya ce. Mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma a al'ada uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, wasu ma ko amsa tambaya a kansa ba sa yi kai tsaye. In amaryar nan ita ce 'yar farin dattijuwar, to "an sauka, an samu mace" shi ne iyakar abin da za ta faɗa, ba tare da nuna zumuɗi ba, ko da zuciyarta fal take da murna. Wadda ta san wannan ba za ta matsa mata da "wa ya ci suna?" a gaban jama'a ba, musamman in sunan surukarta ko na mahaifiyarta aka sa. Za ta jira ta ji laƙabin da ake kiran jaririyar da shi. Matan da suka taso a birni sun sassauta da yawa daga wannan, har ana kiran mace da "Maman wane" da sunan ɗan farinta, amma a layin daddawa na kasuwar ƙauye tsohuwar ƙa'idar tana nan da ranta.

To, a koma wurin kaya. Kuɗin da zan ambata misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya, farashi kam kowane mako da nasa. A ce dattijuwar ta kawo dunƙulen daddawa 100, wadda a gari ake sayar da kowane ɗaya naira 100.

"Ga ta nan, ta wannan makon ce, shinshina ki ji. Ɗari ce cif."

"Ta yi kyau kam. Nawa za ki bar mini?"

"Ke ce, kawo dubu tara."

"Haba Yaya! In na saya tara, me zan kai wa yaran? Na saya bakwai."

"Albarka. Kin san yadda kalwa ta yi tsada, ga itace. Kwana nake ina hura wuta."

"Na sani wallahi. Bakwai da ɗari biyar."

"Ƙara dai, 'yar nan."

"To, takwas. Amma biyar zan ba ki yau, ga kuma biyun ki ta wancan karon. Ukun sai Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu."

"Allah ya kai mu. Na sallama. Ga biyar nan gyara, ki sa wa Inna a miya."

"Na gode, Allah ya amfana. Ga wannan kuma, a saya wa jaririya sabulu."

Koken dattijuwar gaskiya ne. Daddawa daga kalwa ake yinta, wato ƙwayar 'ya'yan ɗorawa, kuma kalwa tauri gare ta: sai an dafa ta sa'o'i masu yawa kafin ɓawonta ya saki, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa yadda ake so, sannan a daka a dunƙula a shanya. Itacen da take ci kaɗai ya isa a yi maganarsa. Ɗorawa kuma da bazara take nuna, saboda haka duk yadda aka yi nisa da lokacin, kalwa ƙara tsada take. Mai sari ta san duk wannan, shi ya sa ba ta musa ba. Ta ce "na sani wallahi", sannan ta ƙara ɗari biyar.

Ga lissafin. Mai sari ta tashi da dunƙule 105 a kan naira 8,000. In ta sayar duka a kan 100, ta samu 10,500, ribarta 2,500 kafin a cire kuɗin mota. Dattijuwar kuma ta koma gida da 7,000 a hannu, wato 5,000 na yau da 2,000 na tsohon bashi, tana bin 3,000. Babu takarda, babu shaida sai maƙwabciyar da ke gefe tana auna kuka. Abin da ya tsaya a madadin takarda shi ne abin da aka yi a minti biyun farko: kowacce ta san gidan 'yar'uwarta, ta san wa ke ciwo, wa ya haihu, ta san inda za a same ta. Ba ka cin bashin wadda kake tambayar jikokinta duk mako ka gudu, sai dai in ka shirya barin kasuwar gaba ɗaya, domin layin nan kowa ya san kowa.

Dubi kuma yadda abin da aka ji a gaisuwa ya dawo cikin cinikin. Mai sari ta biya tsohon bashi gaba ɗaya ba tare da an tambaye ta ba, don ta ji labarin suna. Dattijuwar ta yarda da sabon bashin 3,000 ba tare da dogon zance ba, don ta ji labarin asibiti. Gyaran ma an ba shi suna: na Inna ne. Kuɗin sabulun kuma gudummawa ce da za a rama wata rana, irin wadda mata ke yi wa juna a biki da suna. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda ƙawance da musayar gudummawa irin wannan ke riƙe rayuwar matan Hausawa tun kafin zuwan Turawa. Abin da ake gani a layin daddawa reshe ne na wannan tsohuwar hulɗa.

Akwai kuma wani aiki da gaisuwar ke yi wanda ba a cika lura da shi ba. Ciniki jayayya ce. Ɗaya na cewa kayanta sun fi haka, ɗaya na cewa ba su kai ba. Tsakanin baƙi biyu, tayin 7,000 a kan kayan da aka ce 9,000 zai iya zama raini. Amma bayan an yi "barka da arziki" da "Allah ya ƙara sauƙi", "haba Yaya" ba ta da dafi. Ita ma kalmar ƙin tayi mai laushi ce: ba a cewa "ban sayar ba", sai a ce "albarka", a mayar da tayin da fatan alheri. In ma cinikin bai faɗa ba, za a rabu da "Allah ya ba da kasuwa" da "a gai da gida", mako mai zuwa a sake zama kamar ba a yi ba.

Gaisuwa takan ɓaci, kuma ɓacinta na da alamu. Mafi muni shi ne a yi wa mace rasuwa, ki zo ki tsuguna ki hau tambayar farashi ba ki yi mata ta'aziyya ba. In ba ki ji ba, da uzuri, shi ya sa matan layi kan tari mai zuwa tun daga nesa su raɗa mata, "kin ji an yi wa wance rashi?" In an ji, ta'aziyya ke gaba da komai: "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa, ya ba ku dangana." A irin wannan rana mai mutunci ba ta tsananta tayi, wata ma takan biya yadda aka faɗa. Sai kuma tambayar da ta taɓa gyambo. Ki ce "ina maigidan?" ga wadda aurenta ya mutu wancan watan, ko ki tambayi ciki ga wadda ta yi ɓari. Saboda gudun haka ne wadda ta daɗe ba ta zo ba take farawa da tambaya mai faɗi, "ya mutanen gida?", ta saurari amsar, kafin ta shiga ambaton mutum ɗaya-ɗaya.

In kuwa akwai ɓacin rai a tsakani, a gaisuwar za a fara ganinsa. Mai kaya ta amsa "lafiya" a taƙaice, ba ta mayar da tambayar ba, idonta na kan ƙwarya tana jera abin da ya riga ya jeru. Rashin mayar da tambaya shi ne babbar alama, domin gaisuwa ba ta tafiya ta hanya ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Mai sari mai wayo ba za ta wuce zuwa ciniki ba a haka. Za ta ce, "Yaya, ko na yi laifi ne?", a warware, ko kuma ta fito da tsohon bashin ta ajiye tukuna.

Ba zan ɓoye ba, abin yana da cutarwarsa, kuma yawanci mai ƙaramin ƙarfi yake cuta. Akwai masu tsawaita gaisuwa da gangan, su tambayi har kaji da awaki, don su ɗaure mai kaya da kunya ta kasa cewa a'a in an zo neman bashi. Dattijuwar da ta kwana tana hura wuta takan sallama kaya ƙasa da abin da ta kashe, don kawai "ai ta saba, ba na iya hana ta". Bashi ya hau kan bashi har jarin ya narke. Matan da suka daɗe a kasuwa sun koyi maganin wannan ba tare da sun yanke zumunci ba. Za a amsa gaisuwa cikakkiya da fara'a, in an zo kan kuɗi sai a ce, "wallahi kayan ba nawa ba ne ni kaɗai, da na maƙwabciyata a ciki." Sau da yawa ma gaskiya ne, tun da matan da ke cikin kulle sukan ba dattijuwa ɗaya kayansu ta kai musu kasuwa. Da haka ta ƙi, kuma ba ita ta ƙi ba.

Tsawon gaisuwar kuma ba ɗaya ba ne a ko'ina. Wadda ta tsaya sayen tumatirin miyar dare a kasuwar Yankaba a Kano, wurin wanda ba ta sani ba, "sannu, ya kasuwa?" ta wadatar, in ta ƙara ma za a yi mata kallon mai wata manufa. Doguwar gaisuwa ta masu komowa ce, waɗanda za su sake haɗuwa kuma akwai amana a tsakaninsu. A ƙetaren iyaka, a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, tsarin ɗaya ne, sai dai za ka ji "lahiya lau", kuma in an zo kuɗi da dala ake ƙirga, kowace dala tana daidai da sefa 5.

Waya ta canza wani abu. Yanzu mai sari kan kira ranar Asabar da dare, a wayar dattijuwar ko ta ɗanta, ta ce a ajiye mata kaza. Saboda kuɗin kira, gaisuwar takan taƙaita zuwa tambaya biyu ko uku, amma ba a tsallake ta. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi a hannu, mata da yawa a kasuwannin ƙauye ba su da asusun banki da za a tura musu kuɗi, ga shi masu POS sun tsauwala caji. Wadda ke da wadda ta saba da ita takan ba da kaya a kan alkawari, ko a tura kuɗin ta asusun wani ɗa ko ƙane da aka san shi ta hanyar tambayar mutanen gida. Baƙuwar da ba a san gidansu ba kuwa, sai ta nemo tsabar kuɗi ko ta haƙura.

Su kuma namu biyun, mai sari ta juye daddawar a buhunta, ta ɗaure, ta miƙa kuɗin da hannun dama. Dattijuwar ta ƙirga, ta ƙulle a bakin zane, ta ce a gai da Inna da jiki. Mai sari ta ce za ta ji, ta ƙara da cewa in ta samu sarari cikin mako za ta leƙo ƙauyen ta ga jaririya, sannan ta matsa gaba wurin mai kuka, ta tsuguna, ta yi sallama.